Yadda za ka san saƙon da za ka ajiye da wanda za ka goge, in mutane na turo maka takardunsu ta waya

Wannan rubutun na masu shagon kwamfuta ne da masu cike wa mutane fom, irin waɗanda suka cika Samaru da Kongo da bakin Gaskiya a Zariya, amma in kana POS ko kana riƙe da wayar wata makarantar Islamiyya ko ƙungiya shi ma zai maka amfani don matsalar iri ɗaya ce. Duk wanda ke wannan sana'ar ya san yadda abin yake, ɗalibi ba ya ma zuwa shago yanzu, yana kwance a hostal ko yana can Giwa ko Soba zai turo maka silif ɗin NIN da sakamakon WAEC da fasfo da takardar haihuwa da ta ƙaramar hukuma duk ta WhatsApp, ya haɗa da faswad ɗin fotal ɗinsa, ka yi masa aiki ya turo kuɗi shikenan an rabu. To takardun nan fa suna ina bayan an rabu? Suna nan cikin wayarka, wasu shekara uku wasu huɗu, kuma wayar nan ita ce yaron shago ke ɗauka ya je sayo abinci da ita, ita ake bari a wajen mai caji in wuta ta ɗauke, ita ake kai wa mai gyara a PZ a bar masa har da lambar buɗewa.

Abin da nake so ka riƙe kafin mu shiga matakai shi ne ranar da za ka goge saƙo ba ranar da waya ta ce maka ta cika ba ce. Tun ranar da saƙon ya shigo ya kamata ka san ranar fitarsa, kuma abin da ke yanke wannan ranar tambaya ɗaya ce, aikin da aka turo shi dominsa ya ƙare ko bai ƙare ba.

Doka ma a kan wannan ta tsaya. Dokar kare bayanan mutane ta Najeriya da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023, wadda hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, ke kula da ita, ba ta ce ka ajiye wata shida ko shekara ɗaya ba, cewa ta yi kar a riƙe bayanin mutum fiye da lokacin da ake buƙatarsa don abin da aka karɓe shi dominsa. Kuma ta cire wanda ke riƙe da bayanai don harkar gidansa kawai, wato hirarka da matarka ko ƙanenka ba ruwanta, amma da zarar kuɗi kake karɓa kana yi wa mutane aiki da bayanansu to ka shigo ciki, ko shagonka kwantena ce. Tarar da ta tanada ga ƙananan masu riƙe bayanai tana iya kaiwa naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar shekara, duk wanda ya fi yawa. Ni dai ba tarar ce ta fi damuna ba gaskiya, abin da ya fi kusa da kai shi ne a sace wayar a buɗe asusu ko a ci bashi da sunan wata yarinya, a bi sawu a tarar daga shagonka takardun suka fita.

Mataki na farko, raba saƙonni gida uku

Ɗauki hira ɗaya da kwastoma ɗaya ka karanta daga sama har ƙasa, za ka ga abin da ke ciki bai wuce iri uku ba.

Akwai makulli, wato duk abin da in wani ya samu zai iya shiga asusun mutum kai tsaye: faswad, lambar OTP da ake turowa ta tes, lambobin katin ATM gaba da baya, fin, lambar BVN. Waɗannan ba su da wani wa'adi, da ka gama amfani da su a wannan zaman sai gogewa, ba sa kwana. Katin ATM ma asali bai kamata ka yarda a turo maka hotonsa ba, ka ce mutum ya yi maka tiransifa kai ka biya da naka. In kuma ya riga ya turo kafin ka hana, ka ce masa nan take ya danna Delete for everyone, don wannan yana aiki ne cikin kusan kwana biyu da turawa, in ya wuce sai dai kowa ya goge nasa.

Akwai kayan aiki, su ne takardun shaida, silif ɗin NIN, fasfo, sakamako, takardar haihuwa, takardar asibiti. Waɗannan kana buƙatarsu muddin aikin na tafiya, kuma su ne ke da wahalar yanke wa hukunci, zan dawo kansu.

Sai kuma hujja, wato abin da ke nuna me aka ce ka yi, nawa aka biya, yaushe ka gama: saƙon da ya ce Malam a cike min kaza, alat ɗin banki, risit ɗin Remita, saƙon da ya ce na gani na gode. Wannan ne ke daɗewa, kuma ka lura, hujja ba ta buƙatar fasfon mutum ko NIN ɗinsa. Inda akasarin mutane ke ruɗewa ke nan, sai mutum ya ce ai ba zan goge hirar ba kar gobe ya zo ya ce ban masa aiki ba, sai ya riƙe komai har da takardar haihuwa saboda layi biyu da yake buƙata. Ka cire layi biyun ka ajiye, ka saki sauran.

Mataki na biyu, sa wa kowane gida wa'adi

Lambobin da zan faɗa a kan kayan aiki shawarata ce ba doka ba, ka gyara su daidai da irin aikinka, amma dai ka sa lamba, don "sai an gama" ba wa'adi ba ne, babu ranar da za ka zauna ka ce yau an gama.

Aikin da ake yi a tashi, kamar firintin ko fotokwafi ko gyara girman fasfo, ranar ake gogewa, kafin a rufe shago. Babu dalilin da takardar da aka turo don a buga ta kawai za ta kwana.

Aikin da ke da gyara a bayansa, kamar rijistar makaranta ko neman aiki ko NYSC, ka lissafa daga ranar da aka rufe fotal ɗin ba daga ranar da ka cike ba, sai ka ƙara kwana 30. Dalili kuwa duk wanda ya yi aikin nan ya san dawowar da ake yi, an rubuta suna ba daidai ba, fasfo bai hau ba, an ce a sake ɗora sakamako, kuma yawancin wannan dawowar kafin rufewa ne ko jim kaɗan bayanta. In wata ya wuce da rufewa ba wanda ya dawo to aikinka ya ƙare, in ma ya dawo daga baya ai takardunsa ne suna hannunsa, sake turowa minti biyu ne. Wannan maganar ta ƙarshe ita nake so ta zauna maka, kai ba ma'ajiyar kowa ba ne, asalin takardar na wajen mai ita, kwafin da ke wayarka haɗari ne kawai a kanka ba alheri kake masa ba.

Takardar asibiti da duk abin da ya shafi lafiya ko zanen yatsa ko addini, doka ta sa su cikin bayanai masu tsauri, haka kuma bayanan yaron da bai kai 18 ba tana neman amincewar iyaye. Waɗannan kar ka jira kwana 30 ɗin, da an ɗora an tabbatar ya hau ka goge.

Hujja kuwa a nan doka ta yi magana da lamba. In kasuwancinka kamfani ne mai rijista, dokar kamfanoni ta 2020 ta ce a riƙe takardun lissafi shekara 6. Bankuna da masu harkar kuɗi dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta ɗora musu riƙe bayanan hada-hada aƙalla shekara 5, saboda haka in kai wakilin POS ne ka duba yarjejeniyarka da kamfanin da ya ba ka na'ura kafin ka taɓa littafin cinikinka. Ko da ba ka cikin waɗannan, shekara 6 ga risit da littafin shiga da fita ba laifi, tunda ba su da nauyi kuma ba sirrin kowa a ciki sosai. Amma a littafi ko a fayil ɗin lissafi za su zauna, ba a cikin hirar WhatsApp ba.

Bari mu bi misali ɗaya daga farko har ƙarshe

A ce wata ɗaliba ce ta samu gurbi, ranar 3 ga Satumba ta turo maka saƙo, "Salam Malam, dan Allah rijista za a min, ga takarduna." Ta turo silif ɗin NIN, fasfo, sakamakon NECO, takardar ƙaramar hukuma, takardar gwajin lafiya, sai lambar shiga fotal da faswad, sannan ta turo kuɗin makaranta da naira 3,000 na aikinka. Makarantar ta ce za ta rufe rijista 30 ga Satumba.

Kafin ka taɓa komai ka buɗe littafinka ka rubuta layi ɗaya: 3 ga Satumba, sunanta, lambobi huɗu na ƙarshen wayarta, aikin rijista, kuɗin da ta biya, sai gefe ka rubuta ranar gogewa, 30 ga Oktoba. In WhatsApp Business kake amfani da shi ka manna wa hirar lakabi, ka sa masa suna kamar "goge Oktoba", yadda in ƙarshen wata ya zo danna lakabin kawai za ka yi duk su fito maka a jere ba sai ka bi ɗaya bayan ɗaya ba.

Ka yi aikin ranar, ka biya, ka ɗora takardu, ka sauke mata fom da risit ka tura. Sai ka rubuta mata, "Malama an gama, ki duba sunanki da kwas ɗinki ki tabbatar min, sannan ki canza faswad ɗinki yau." Maganar canza faswad ɗin nan ba ƙarama ba ce, don ta fi gogewa ƙarfi, in ta canza to ko an samu tsohon a wani lungu na wayarka ya zama banza. Da ta amsa ta ce daidai ne, ka ɗauki sikirinshot na saƙo uku kawai, inda ta ba da aiki, alat, da inda ta ce ta gani, ka tabbatar takardunta ba su fito a hoton ba, ka ajiye a foldar hujja da lambar risit. Daren nan faswad da takardar lafiya su tafi. Sauran huɗun su jira.

Ranar 12 ga wata sai ta dawo, "Malam sun ce fasfon bai fito da kyau ba." Ka ga amfanin jiran, fasfon na nan, ka gyara ka sake ɗorawa, sabon faswad ɗin da ta ba ka shi ma ya tafi ranar. Idan makarantar ta ƙara wa'adi zuwa 15 ga Oktoba, kamar yadda suka saba, sai ka soke ranar da ke littafi ka mayar 14 ga Nuwamba. Ranar na zuwa, ba ƙorafi ba rigima, sai ka share hirar gaba ɗaya. Abin da ya rage maka game da ita layi ɗaya ne a littafi da hoto uku.

Yanzu a ce ba haka ta kasance ba, ranar 20 ga Oktoba mahaifinta ya kira ya ce, "Malam, makaranta sun ce kuɗin bai shiga ba, ina kuɗin yarinyata?" To daga wannan minti ɗin wa'adin ya tsaya cak, ba ka goge ko harafi ɗaya, har abin da lokacinsa ya yi. Duk lokacin da rigima ta taso ko ka hango ta, ko 'yan sanda ko kotu ko banki suka shigo, gogewa ta koma ɓatar da hujja, kuma ko kana da gaskiya sai ta sa ka zama abin zargi. Sashe na 84 na dokar shaida ta 2011 ya yarda a gabatar da abin da ya fito daga kwamfuta ko waya a kotu bisa sharuɗɗa, saboda haka hirar nan tana iya zama ita ce mai wanke ka. Ka buɗe hirar ka shiga More ka danna Export chat ka ajiye kwafi a wuri mai kulle, asalin ma ka bar shi a wayar yadda yake, in saƙonni masu ɓacewa na kunne a hirar ka kashe. Sai an sasanta an rufe maganar sannan ka sake sa sabuwar rana.

Mataki na uku, gogewar kanta

A nan ne aikin yake, don danna Delete a cikin hira reshe ɗaya ka sare, saiwar na ƙasa. Hoton NIN ɗaya da aka turo maka yana iya zama a wuri biyar ko shida ba ka sani ba, kuma akwai tsarin da ya kamata a bi, in ka juya shi sai abin da ka goge ya dawo.

Fara da hirar. In ka danna Delete chat ko Clear chat zai nuna maka wani ɗan akwati da ke tambaya ko a haɗa da hotuna da fayilolin da suka sauka a wayar, ka tabbatar ka yi masa alama. In ba ka yi ba rubutun ne kawai ya tafi, hotunan na nan zaune a galari.

Daga nan ka buɗe manajan fayil na wayar ka bi wannan hanyar, ta farko ta WhatsApp ɗin da kowa ya sani, ta biyu ta Business:

```
Android/media/com.whatsapp/WhatsApp/Media
Android/media/com.whatsapp.w4b/WhatsApp Business/Media
```

Ka leƙa foldar hotuna da ta takardu, kuma cikin kowacce akwai wata ƙarama mai suna Sent. Wannan ce mutane ba sa sani, duk abin da kai ka tura, fom ɗin da ka cike mai ɗauke da suna da ranar haihuwa da adireshi da hoto, yana iya kasancewa a can, kuma ba ya fitowa a galari shi ya sa ba ka ganinsa. Wanda bai taɓa buɗe ta ba ranar farko sai ya riƙe baki.

Sai kwandon shara. Galarin wayoyin yanzu ba ya gogewa nan take, yana mayar da hoto wani wuri ne mai suna Trash ko Recycle bin ko Recently deleted ya riƙe kamar kwana 30, Google Photos kuma yana riƙe wanda ya riga ya hau intanet kwana 60. Ka shiga ka zubar da hannunka. In Google Photos na kwashe foldar WhatsApp yana ɗorawa to ka kashe wannan tun yanzu, ba dalilin da takardun kwastoma za su riƙa hawa asusunka na hotunan biki da suna.

Sai ka zo kan bakof, kuma shi ne ƙarshe a waya da gangan. WhatsApp na ɗora kwafin hirarrakinka a Google Drive, sabo yana maye gurbin tsoho, to in ka goge yau amma bakof ɗin na makon jiya ne, ranar da ka canza waya ka dawo da shi komai zai dawo kamar ba ka taɓa gogewa ba. Saboda haka bayan ka gama share-sharen ka shiga Settings, Chats, Chat backup ka danna Back up don tsabtataccen ya danne tsohon. A wurin akwai End-to-end encrypted backup, ka kunna ka sa masa faswad, amma ka rubuta faswad ɗin a wuri mai kyau don in ka manta shi kuma wayar ta ɓata ba mai iya buɗe maka, har su kamfanin. Sannan kusa da foldar Media akwai wata Databases da ke ɗauke da kwafin 'yan kwanakin baya, fayilolin da sunansu ya fara da msgstore kuma akwai kwanan wata a jiki, su da kansu suke juyawa tsoho na fita cikin kamar mako guda, in kana gaggawa ka goge masu kwanan watan ka bar wanda ba shi da shi.

Kwamfutar shago kuma labarinta daban. Duk fayil ɗin da ka sauke ta WhatsApp Web yana foldar Downloads ko kan Desktop, gogewar waya ba ta taɓa shi. Ka ware folda ɗaya ta aiki, a ciki kowane wata da tasa, duk abin da aka sauke can zai tafi, ranar gogewa ka zaɓe ta ka danna Shift da Delete tare don kar ta bi ta Recycle Bin. Ka shiga burauza ka duba faswad ɗin da ta ajiye, za ka iya tarar da na ɗalibai fiye da ɗari saboda yaron shago yana danna Save duk sanda aka tambaye shi, ka share su ka kashe tambayar gaba ɗaya. Kuma ka sani fayil ɗin da aka goge a tsohon hadis, wato faifan ajiyar kwamfuta, ana iya tono shi da manhajar dawo da fayil muddin ba a rubuta wani abu a kansa ba. Windows na da umarnin da ke bi ta kan sararin da aka goge ya rubuce shi:

```
cipher /w:C:\
```

Yana ɗaukar lokaci, wani sa'in awanni, ka sa shi ranar da kake da tabbacin wuta ko janareta. A kan hadis mai juyawa yake da tasiri sosai, a kan SSD ba a ba da tabbaci ɗari bisa ɗari saboda yadda yake rarraba rubutu, can abin da ya fi shi ne ka kulle faifan gaba ɗaya da BitLocker in kwamfutarka na da shi.

Imel ba wuya. A akwatin bincike na Gmail ka rubuta:

```
has:attachment older_than:3m
```

Zai fito maka da duk saƙo mai ɗauke da fayil da ya haura wata uku, ka duba ka cire na hujja ka goge sauran, ka tuna da Sent, sannan ka shiga Trash ka zubar don shi ma kwana 30 yake riƙewa.

Yadda za ka gane ko ta gogu, ka ɗauki sunan kwastoma ɗaya da ka share ka neme shi a binciken WhatsApp, da manajan fayil, da Google Photos, da Gmail, da kwamfuta. In ya ɓullo a wani wuri to ka gano ƙofar da kake mantawa, ka ƙara ta a jerin wuraren da kake bi duk wata. Ka leƙa Linked devices ma, in ka ga wata kwamfuta da ba ka gane ba ko wadda ka daina amfani da ita ka fitar da ita.

Maganar saƙonni masu ɓacewa

Wasu za su ce ai ba sai an sha wannan wahalar ba, a kunna Disappearing messages kawai. Yana da amfani ba musu, zaɓi uku ne, awa 24, kwana 7, kwana 90, kuma na kwana 90 ya dace da layin shago don ko ka yi sakaci hira ba za ta shekara ba. Amma ka san iyakarsa. Saƙonnin da aka turo bayan ka kunna kawai yake shafa, tsofaffin na nan. Bai san hujja ba bai san rigima ba, alat da takardar haihuwa duk ɗaya ne a wajensa, in ba ka cire hujjarka da wuri ba tare za su tafi. Abin da ka sauke a kwamfuta ko ka yi wa sikirinshot ko ka tura wa wani ba ya binsa can. Shi ya sa nake ganin kar ka sa na awa 24 a layin kasuwanci, kwastoma zai dawo jibi da ƙorafi ka duba ka ga wayam.

Tura wa wani ɗin nan ma a dakata a kai. In kana tura takardu wa abokin sana'a ya taya ka, ko kuna da guruf na ma'aikatan shago da ake zuba komai a ciki, kowane mutum a guruf ɗin kwafi ne, mutum biyar kwafi biyar, kuma yaron da ya bar aiki bara ya tafi da nasa, cire shi daga guruf bai cire abin da ya riga ya sauka a wayarsa ba. Waya ɗaya ta shago, layi ɗaya, a nan takardu za su tsaya, in za a sallami yaro a zauna tare a share tasa kafin ya tafi, cikin mutunci ba da faɗa ba.

In kwastoma da kansa ya ce ka goge nasa kafin wa'adi, haƙƙinsa ne a dokar 2023, ka goge kayan aiki da makulli ka gaya masa ka yi, ka kuma gaya masa layin littafi da risit za su zauna saboda lissafi. In kuma wayar aka sace da takardu a ciki, dokar ta ce a sanar da NDPC cikin awa 72 in abin na iya cutar da mutanen, su ma a gaya musu in haɗarin babba ne don su canza faswad su sa ido a asusunsu. Mai share wayarsa duk wata mutum talatin ko arba'in zai kira, wanda bai taɓa sharewa ba bai ma san adadinsu ba.

In za a sayar da wayar ko a kai gyara

Gyara tukuna. Ka cire sim da memori kafin ka miƙa, in aikin sikirin ne ko wajen caji ba ya buƙatar lambar buɗewa, in ya ce sai ya gwada ka ce "Oga gyara, in ka gama ni zan buɗe maka a gabana." Sim ɗin da ke haɗe da banki kuwa ka sa masa fin, don da shi kaɗai ana iya danna `*565*0#` a ga BVN ko `*346#` a ga NIN, kuma tes ɗin OTP a kansa suke sauka.

Sayarwa kuma ka bi a jere: ka yi bakof na abin da kake so, ka fita daga asusun Google na wayar don kar ta kulle wa mai saye, sannan ka shiga Settings ka nemi Erase all data ko Factory data reset. Wayoyin da suka fito da Android 10 zuwa sama bayanansu a kulle suke tun daga kamfani, mayar da su sabbi yana lalata makullin ne, abin da ya rage ba ya karantuwa. Tsofaffi sosai ba su da wannan tabbacin, in irinsu ce bayan ka mayar da ita sabuwa ka cika ta da bidiyon banza har ta ce ba wuri sannan ka sake mayarwa. Memori ba ya cikin wannan lissafin ko kaɗan, ko ka yi masa fomat ana iya tono abin da ke ciki, kar ka haɗa shi a cinikin, ka riƙe abinka, in ya daina aiki ka sa almakashi ka raba shi biyu. Takardun da firinta ta ɓata masu ɗauke da suna da hoto su ma a yayyaga ko a ƙone, kar a tara su a bai wa mai ƙosai.